Buhu 12 na sukari da abin da suka koya wa mai butik

Tambaya: "Salamu alaikum ƴan uwa. Ina da butik a Tawa, ana ciniki, amma jarina raguwa yake yi. Wani sayen in ci, wani in faɗi. Wai kasuwa sa'a ce kawai?"

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Arziki na Allah ne, ba gardama, amma butik tana da ƙa'ida, kuma labarin wani maƙwabcina a Yamai zai nuna maka.

Jarinsa jikka 600 ne. Da azumi ya matso sai ya ji ana cewa sukari zai tashi. Bai tambayi kowa ba, ya kwashi jikka 396 ya sari buhu 12 na kilo 50, kowane a jikka 33, ya jibge a bayan butik yana jiran tashi. Abin da bai lura da shi ba, manyan ƴan sari sun riga sun cika sitonsu tun kafin labarin ya iso kunnensa. Duk labarin da ya kai ga ƙaramin mai butik, ka tabbata waɗanda ke gaba sun gama aiki da shi. Sukari bai motsa ba.

To, jikka 200 da ƴan kai da suka rage ba su isa su riƙe sauran kaya ba. Mace ta aiko yaro sayen madara, babu. Taliya babu, man girki ya ƙare a bido, ganyen shayi sai gobe. Wanda ya zo sau biyu bai samu ba, na uku butik ɗin gaba yake wucewa, kuma can zai sayi har sukarin. Bayan wata biyu ya sallama buhunan a jikka 31, saboda mai ba shi kaya yana binsa kuɗi.

Shi a lissafinsa jikka 24 ya yi asara, jikka 2 a kowane buhu. Wani dattijo mai sayar da sari a kasuwar Wadata ya zaunar da shi ya ce: "Yaro, ba haka ake ƙirgawa ba. Kuɗin nan da ka bar su cikin kayan yau da kullum, sau nawa suke juyawa a wata?" Ya ce sau biyu. Ribar kowane juyi kusan jikka 8 cikin 100, wato wajen jikka 32. Juyi huɗu a wata biyu, jikka 128 ke nan da ba su shigo ba. Ka haɗa da 24 ɗin, asarar ta haura jikka 150, kashi ɗaya cikin huɗu na jarinsa, ban da masu sayen da suka gudu. Wannan asarar ce ta fi ba ni tsoro, domin ba ta fitowa a aljihu, mutum sai ya ga kanta tana yin fayau kawai.

Daga nan ya sayi kaye ya kafa wa kansa doka. Kaya iri ɗaya ba zai ci fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na jari ba, ko wa ya kawo labarin tashi. In zai ƙara saye don azumi ko salla, sai ya duba abin da ya sayar bara a kayen, ya ƙara kaɗan a kai.

Wadda ta fi gyara shi ita ce ƙidayar ƙarshen wata. Yakan rufe butik da wuri, ya ƙirga duk abin da ke kan kanta a farashin da ya saro, ba wanda zai sayar ba. Ya haɗa da kuɗin da ke hannu da bashin da yake da tabbacin za a biya, ya cire wanda ake binsa. Abin da ya fito shi ne jarinsa na gaskiya. In ya haura na watan jiya, bambancin ne riba, kuma ita kaɗai yake taɓawa. A ƙidayar farko ya gano buhun sukari in an ƙulla shi a leda ba ya ba da kilo 50, yakan tsaya wajen 48 ko 49 saboda zuba da cikon sikeli, alhali shi a 50 yake yanka farashi. Ya gano kuma shinkafa da sabulun da ake ɗauka zuwa gida ba a rubutawa sun fi bashin unguwa cin jarin. Sai ya yanka wa kansa jikka 2 kullum na cefane, abin da gida ya ɗauka a cire daga ciki.

Kai da kake Tawa, in kana sarowa daga Ƙonni, rubuta canjin naira na ranar da kuɗin mota a kan kowane kwali kafin ka sa farashi, kuma in canji ya sauya ka sayar a kan abin da za ka sake sarowa da shi. Ka fara da ƙidayar a daren yau, ka rubuta jimlar da kwanan wata, ka sake bayan kwana 30. Ka kawo mana lambobin biyu nan mu duba tare inda kuɗin ke zurarewa.