Duba rahoton ɗalibin aikin jarida: daga ina ake farawa?

"An haɗa ni da ɗalibai masu neman sanin makamar aiki, ni ke duba rahotanninsu ina ba su maki. Sai na ga Hausarsu kawai nake gyarawa. Me ya kamata in riƙa dubawa?"

Malam, bar gyaran Hausa sai ƙarshe. Ni kafin in karanta, sai ɗalibi ya kawo mini littafin da ya yi rubutu a wurin, da muryoyin da ya naɗa a waya, da lambobin waɗanda ya zanta da su. Daga nan sai in bi rahoton jimla-jimla ina tambaya: wa ya faɗa, shi kuma ta yaya ya sani?

A ce ya rubuta: "Gobara ta cinye shaguna 200 a kasuwa, an yi asarar naira miliyan 500 sakamakon matsalar wutar lantarki." Magana uku ce a nan, kowace da asalinta. Adadin shagunan galibi daga bakin shugaban 'yan kasuwa yake fitowa, kuma sau da yawa yakan sha bamban da na hukumar kashe gobara. To ya kawo duka biyun, kowane da sunan mai shi. Kuɗin asara kuwa ƙiyasi ne na wanda abin ya shafa, mai yiwuwa yana sa ran tallafi, kuma ba wanda ya yi lissafi toka na hayaƙi. Dole "in ji" ta biyo baya.

Ta ukun ce mai hatsari. Ya ɗora wa kamfanin lantarki laifi, alhali jami'an kashe gobara sun ce ana bincike. Ya ji ta bakin kamfanin? Ƙa'idojin aikin jarida na Najeriya da aka amince da su a Ilorin a 1998 sun tanadi 'yancin mayar da martani. Idan ya rubuta "duk ƙoƙarin jin ta bakinsu ya ci tura", ka ce ya nuna maka wayarsa. Za ka sha mamaki: kira ɗaya ne da ƙarfe goman dare. Haka ma "majiya mai tushe". Mai karatu ba sai ya san sunan ba, amma kai da ke matsayin edita sai ka sani. In mai shayin bakin kasuwa ne, a rubuta shi a matsayin ganau, ya faɗi abin da idonsa ya gani kawai.

Sai fayyacewa: sakin layin farko ya faɗi abin da ya faru, da wuri, da rana. Gaisuwar shugaban kasuwa ga gwamna ta koma ƙasa, ko a cire ta.

Wajen maki, rabi nake ba daidaito da majiya. Wanda ya kuskure suna ko adadi, komai daɗin Hausarsa, nakan mayar masa ya sake kiran mutumin ya gyara kafin in ba shi ko ɗaya.