Idan na koma na kyauta, za su goge min hotuna?

"Jama'a, ina biyan Google One na 100 GB, na ci 62. Kuɗin ya yi min yawa, ina so in koma na kyauta. Za su goge min hotunana?"

Ɗan'uwa, hotunanka na nan, ba za a taɓa su ranar ba. Ƙa'idar da suka kafa tun 1 ga Yuni 2021 ita ce sai ka shekara 2 kana sama da iyaka kafin su iya gogewa, kuma suna aiko da gargaɗi tukuna. Abin da zai ƙone ka shi ne Gmail, don 15 GB ɗin kyautar nan tukunya ɗaya ce da Drive da Photos da imel duk suke ci a ciki. Da wa'adin kuɗin da ka biya ya ƙare, ka haura da 47, to ba aikawa, ba karɓa.

Ni haka aka yi min. Wani abokin sana'ata a Tudun Wada ya sa ni cikin tsarinsa na iyali, har kason kuɗina nake tura masa. Muka samu ɗan saɓani kan aikin wani biki, bawan Allahn nan ya cire ni ko sallama babu. Ina zaune shago ina jiran imel ɗin wata makaranta a Unguwar Rimi kan hotunan yaye ɗalibai, shiru. Ashe sun aiko, saƙon ya koma musu. Wallahi da na je na tarar sun ba wani aikin, a bakin get na tsaya na rasa ta cewa. Saƙon da ya koma ba ya dawowa ko ka sake biya, sai mai shi ya sake aikowa. Mutumin nan har yau muna haɗuwa a masallaci, ko a jikinsa!

Don haka kafin ka sauka, shiga takeout.google.com ka sauke komai a kwamfuta, ka buɗe ka ga bidiyon suna tashi, sannan ka fara gogewa. Bidiyo za ka fara bi, su ne masu cin wuri. A Gmail rubuta `larger:10M` ka ga manyan saƙonni. Ka kuma zubar da Trash na Gmail da Drive, don abin da ke ciki ana lissafa shi har kwana 30.

Hattara da maɓallin "Free up space" na Photos. Na wayarka yake sharewa, 62 ɗinka ba za ta ragu ba.

Af, na manta WhatsApp. Tun 2024 ajiyar hirar masu Android cikin 15 ɗin take shiga, kuma in ka haura, tsayawa take. Takardun Docs ma za ka iya karantawa, amma gyara babu sai ka sauko ƙasa da 15.