Raba hannun jari ko tsaga shi? Amsa ga mai tambaya daga Zariya

"Malam, barka da aiki. Na ji an ce wani kamfani ya raba hannun jarinsa, mai guda ɗaya ya wayi gari da huɗu. Shin wannan ba shi ne sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi ba? Sannan na karanta cewa kamfanin simintin Ɗangote yana sayen nasa hannun jarin da kuɗinsa. Fansa ke nan ko me, kuma wa ya ci riba?"

Barka kadai, ɗan'uwa. Kalmar "raba" ce ta fara rikita lissafin. A kunnen Bahaushe, in an ce an raba abu, to an miƙa wa mutane abin da dā ba ya hannunsu, kamar rabon gado ko rabon zakka. Abin da kamfanin ya yi kuwa tsagawa ce: abin da ke hannunka aka mayar gida-gida. Ni dai "tsaga hannun jari" nake so a riƙa cewa, a bar "rabo" ga ribar da kamfani ke biyan masu jari, domin ita ce kuɗi na gaske ke fita daga asusun kamfani zuwa aljihunka.

Ga abin da ya faru a fili. A ƙarshen watan Agustan 2020 kamfanin Apple na Amurka ya tsaga kowane hannun jari gida huɗu. Kafin tsagawar ana sayar da guda a wajen dala 500, bayanta ya koma wajen dala 125. Mai guda 10 ya koma mai guda 40, dukiyarsa tana nan a dala 5,000. Daidai yake da ka ba mai shago takardar naira dubu ya ba ka 'yan ɗari biyu guda biyar. Kamfanin bai sayar da waya ko ɗaya a dalilin tsagawar ba, bashin da ake bin sa bai ragu ba, kason kowa a cikinsa bai motsa ba. Abin da ake nema shi ne farashin guda ya sauko yadda mai ƙaramin ƙarfi zai iya saye, ciniki ya yi gudu.

Shi ya sa karin maganar da ka kawo ba ta zauna a nan ba. Sarkin yawa yana rinjaye ne domin kowane mutum da ya shigo ya zo da nasa ƙarfin, aka tara. A tsagawa babu ƙarfin da ya shigo, wanda ake da shi aka kasa. Maganar da ta dace ita ce "duk kanwar ja ce". Haka ma in aka juya abin: a 2024 kamfanin Transcorp a nan Nijeriya ya haɗe kowane hannun jari huɗu ya zama ɗaya. Wanda ya duba takardarsa ta CSCS, wato kamfanin da ke ajiye bayanan hannun jarin mutane a kasuwar Nijeriya, ya ga adadinsa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu bai yi asara ba, domin an ninka farashin guda daidai da hakan.

Tambayarka ta biyu ta fi nauyi, kuma a nan ne mutane ke yin kuskure. "Fansa" ba ta dace ba. Ana fansar abin da aka jinginar ko aka kama ne, a kan sharaɗin da aka ƙulla tun farko. Hannun jarin da ke hannunka naka ne, babu wanda zai karɓe shi dole. Kamfanin yana shiga kasuwa ne ta hannun dillalai ya taya kamar kowa, mai son sayarwa ya sallama. Don haka "sake sayen hannun jari" ya wadatar. A ƙarshen Disambar 2020 kamfanin simintin Ɗangote ya sayi guda miliyan 40.2 daga cikin kimanin biliyan 17 da yake da su, a kan kusan naira biliyan 9.8. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda da haka in masu jari sun amince a taronsu, kuma daga ribar da ta halatta a raba za a ɗebi kuɗin. Hannun jarin da kamfani ya saya ya ajiye ba ya karɓar rabon riba, ba ya kaɗa ƙuri'a.

Amma kada a haɗa wannan da tsagawa a ce dukkansu ba sa taɓa darajar kamfani. Sake saye yana taɓa ta, tun da kuɗi ya fita. Abin da bai canza ba shi ne darajar abin da ke hannun wanda bai sayar ba, shi ma da sharaɗi.

Mu ƙaddara kamfani ne mai darajar naira miliyan 100, da hannun jari miliyan 1, kowanne naira 100. Kai kana da guda 9,000, wato naira 900,000. Kamfanin ya ɗauki naira miliyan 10 daga asusunsa ya sayi guda 100,000. Yanzu darajarsa ta koma miliyan 90, hannun jarin da ke wurin mutane 900,000. Raba miliyan 90 da 900,000, za ka sake samun naira 100. Kasonka ya tashi daga 0.9 cikin ɗari zuwa 1 cikin ɗari, sai dai na kamfanin da ya ɗan rame ne, kuɗinka yana nan 900,000.

Sharaɗin shi ne farashin da aka saya. In kasuwa ta yi zafi, kamfanin ya biya naira 150 a kan abin da ainihin darajarsa 100 ce, ya kashe miliyan 15 ke nan, saura miliyan 85. A raba da 900,000, kowanne ya koma wajen naira 94. Waɗanda suka sayar sun tafi da ƙarin, ku da kuka zauna kuka biya. In kuwa a naira 70 ya saya lokacin da kasuwa ta faɗi, miliyan 7 kawai ya kashe, kowane hannu ya tashi zuwa wajen naira 103. Wanda ya ci riba ya dogara ne kacokan ga wannan. Abin takaici, kamfanoni sun fi samun rarar kuɗi a lokacin da farashinsu yake sama, wato lokacin da sayen ya fi tsada.

Akwai kuma wani adadi da ke ruɗar mutane, ribar kowane hannun jari. In kamfaninmu yana cin ribar miliyan 9 a shekara, dā naira 9 ce ga kowane hannu, bayan sayen ta zama 10. Za a buga cewa ta ƙaru, alhali ribar kamfanin gaba ɗaya tana nan a miliyan 9, masu rabon ne suka ragu. A nan Bahaushe zai ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Asalin maganar kashedi ce ga mai yawan motsi da hayaniya, cewa abin da aikin ya haifar ake dubawa.

Don haka in ka ji sanarwar sake saye, ɗauko rahoton shekara na kamfanin. Duba jimillar ribar bana da ta bara, ba ta kowane hannu ba. Duba ko bashi ya ƙaru a daidai lokacin, domin wasu da rance suke sayen, kuɗin ruwan kuma daga ribar baɗi zai fita. Sannan kwatanta adadin hannun jarin da ke wurin mutane a farkon shekara da ƙarshenta. In an kashe biliyoyi amma adadin bai ragu ba, to wataƙila kamfanin yana fitar da sababbi ga manyan ma'aikatansa ta wata ƙofar, sayen yana cike gurbinsu ne kawai, kasonka bai ƙaru ba.