Samun hujjar yaƙi daban, yadda aka yi shi daban

"Yallaɓai, ku da kuka yi aikin soja ku warware mana. Tunda ƴan bindiga ne suka fara, kuma gwamnati na da hurumin yaƙarsu, me ya sa ake cewa an yi laifi idan bam ya faɗa kan waɗanda ba ruwansu? Ni a ganina yaƙi ba ya zaɓe."

Ɗana, ka haɗa awo biyu a mudu ɗaya. Masanan da suka yi nazarin abin da ake kira yaƙi na adalci sun raba maganar gida biyu. Na farko, shin ya halatta a shiga yaƙin? Na biyu, bayan an shiga, yaya aka yi shi? Kana iya cin jarrabawar farko ka faɗi ta biyu warwas. Na yi shekaru cikin kaki, na je Laberiya ƙarƙashin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOWAS, yanzu ina zaune a Mando ina cin fansho, kuma ta biyun ce ta fi hana ni barci.

Ta farkon ba zan daɗe a kanta ba. Augustine, malamin addinin Kirista na zamanin da, ya taɓo ta, sannan wani malamin nasu, Thomas Aquinas, wanda ya rasu a 1274, ya tsara sharuɗɗa uku: hukuma halattacciya ce za ta ba da umarni, a samu dalili na gaskiya, niyya kuma ta zama ta dawo da zaman lafiya, ba ramuwar gayya ko cin ganima ba. Waɗanda suka biyo baya suka ƙara cewa sai an gwada sauran hanyoyi sun ci tura, sai akwai alamar nasara, kuma kada ɓarnar ta fi abin da ake son gyarawa. Ka tuna 2023, da sojoji suka yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli, ECOWAS ta ba su wa'adin mako guda. Abin da malamai da sanatocin Arewa suka yi ta faɗi shi ne waɗannan sharuɗɗan, ko da ba su kira su da suna ba: an gama gwada sulhu? Mutanen Maraɗi da na Katsina da za a kashe, ribar me za ta biya su? Tsarin mulkinmu ma, a sashe na 5, bai bar wa shugaban ƙasa shi kaɗai ikon shelanta yaƙi da wata ƙasa ba, sai da amincewar majalisun biyu.

Yaƙi da masu satar mutane a hanyar Birnin Gwari kuwa, ban ga mai hankalin da zai ce babu hujja ba. Wannan na ba ka. Amma hujjar ba ta bin harsashi ta wanke duk inda ya faɗa.

A cikin yaƙi abu uku ake tambayar mai riƙe da makami. Ka tantance wanda kake hari, mayaƙi ne ko farar hula? Idan mayaƙi ne amma akwai mutane kusa, asarar da kake hange ta wuce amfanin harin? Sannan wace kiyayewa ka yi kafin ka danna? Waɗannan suna rubuce a ƙarin da aka yi a 1977 wa yarjejeniyar Geneva kan dokokin yaƙi, amma mu ba baƙonmu ba ne. A Muwaɗɗa ta Imam Malik akwai wasiyyar Sayyidina Abubakar ga Yazidu ɗan Abu Sufyan lokacin da ya tura runduna Sham: kada a kashe mace ko yaro ko tsoho tukuf, kada a sare itace mai ƴaƴa, kada a rushe gini, kada a yanka dabba sai don ci. Lura da cewa rundunar da yake ganin tana kan gaskiya yake wa wannan kashedi.

To ɗauki Tudun Biri, nan ƙaramar hukumar Igabi. Daren 3 ga Disamba 2023, jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya kai hari kan masu Mauludi. Hukumar agajin gaggawa ta ce an binne mutum 85, rundunar ta amsa cewa ita ce, kuma bayanin da aka bayar shi ne an ga taron mutane daga sama, aka ɗauka motsinsu irin na ƴan bindiga ne. Sa wannan a sikeli. Mutane da yawa suna tsallakawa zuwa ta biyu cikin tambayoyi ukun nan, suna lissafin ko asarar ta yi yawa. Ba a ma kai nan ba. Lissafin asara yana zuwa ne bayan an tabbatar akwai abokin gaba a wurin. A nan tun matakin tantancewa aka faɗi. Taron mutane da dare a ƙauyen Hausa na iya zama biki, ko wa'azi, ko Mauludi. Ƙa'ida ita ce idan kana kokwanto a kan mutum, ka ɗauke shi farar hula. Waɗanda suka tsira sun kuma ce an sake sakin wani bam bayan mutane sun taru suna ɗaukar waɗanda suka jikkata, kuma a nan ne tambayar kiyayewa ta fi nauyi, domin tsakanin na farko da na biyu akwai lokacin sake dubawa.

Za ka ce ai ba da gangan ba ne. Gaskiya ne akwai bambanci tsakanin wanda ya nufi kashe farar hula da wanda ya nufi mayaƙi abin ya shafi wasu, kuma masana sun yarda da shi. Sai dai masanin falsafa Michael Walzer, a 1977, ya ce rashin nufi kaɗai bai isa ba. Dole a ga ka yi ƙoƙarin kare su, ko da hakan zai ƙara maka haɗari kai da sojojin da ke ƙarƙashinka. Ni na yarda da shi, kuma ba a littafi na fara koya ba.

Wata rana a Monrovia ana harbinmu daga saman wani bene mai hawa biyu. Muna da abin da za mu kwantar da gidan cikin minti biyar. Hafsanmu ya ɗora madubin hangen nesa, ya daɗe, sannan ya miƙo mini. A ƙasan benen akwai igiyar shanya, da zannuwa da ƙananan riguna har yanzu suna ɗiga, ga tukunya a kan murhu tana hayaƙi. Ya ce ba za a harba babbar bindiga ba, za mu zagaya ta baya da ƙafa. Wallahi a lokacin na zage shi a zuciyata. Muka kwashe kusan awa uku muna rarrafe a kwata, aka harbi ɗaya daga cikinmu a cinya, har yau yana ɗingishi. Da muka shiga, masu harbin su uku ne, biyu sun tsere. A ɗakunan ƙasa muka tarar da mata da yara cunkushe, sun fi ashirin, wata tsohuwa ta toshe bakin jariri da hannunta.

Ban ce kullum haka take ƙarewa ba. Wani lokaci ka yi haƙurin, a kashe maka soja, ka shiga ka tarar gidan ba kowa. Kuma masu fakewa cikin jama'a suna harbi, su ma sun karya ƙa'ida, babban laifi ma kuwa. Amma laifinsu bai mayar da tsohuwar nan abin hari ba.

Idan ka sake jin an kai hari an ce kuskure ne, ga abin da za ka nema. Wa ya tabbatar da wurin daga ƙasa, ko hoton sama kaɗai aka dogara da shi? An tuntuɓi wani da ya san ƙauyen, ya san ko akwai taro a daren? Minti nawa aka yi ana kallo kafin a saki, kuma wa ke da ikon cewa a dakata? Hafsan namu ba shi da jirgi ko na'ura, tsohon madubi ne a hannunsa mai tsagaggen gilashi ɗaya, kuma da shi ya hango rigunan yaran.