Gwajin ya nuna AMP alhali ko sigari ban taɓa sha ba

Tambaya: "Assalamu alaikum 'yan uwa. Baban yarinyar da zan aura ya ce sai na kawo takardar gwajin ƙwaya. An gwada fitsarina, wai ya nuna AMP. Wallahi ko sigari ban taɓa sha ba. Maganin mura kawai na sha a satin, sai goro da shayi. Abinci ko magani na iya jawo wannan? An ce in koma gobe in karɓi takarda."

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Na yarda da kai tun kafin ka rantse, domin abin da ya same ka ya same ni, sai dai naka a gurbin AMP ya fito, wato amfetamin, ni kuma nawa a gurbin OPI, wato na su kodin da mofin. Ka fara cire goro da shayi daga lissafi, abin da ke cikinsu ba ya cikin jerin da ɗan katin gwajin fitsarin yake nema. Maganin muran nan shi nake zargi. Yau ɗin nan, kafin ka kwanta, ka nemo kwalinsa ko kwalbar, ko da a kwandon shara ne, ka duba jerin sinadaran da ke jiki. In ka ga sudo'efedirin ko efedirin, wato abin da ake sawa don ya buɗe toshewar hanci, to ka kusa gano bakin zaren.

Dalilin shi ne katin da ake tsomawa a fitsari bai san ƙwaya da sunanta ba, siffarta kawai ya sani. A kowane gurbi an shafa wani sinadari da aka shirya ya cafke duk abin da ke da ƙira irin ta wannan ƙwayar. Kamar maigadi ne da aka ce masa ɓarawon dogo ne mai baƙar riga, duk dogon da ya gifta da baƙar riga cikin dare sai ya riƙe shi. To sudo'efedirin da amfetamin 'yan gida ɗaya ne a ƙira, bambancinsu kaɗan ne. In ka sha da yawa, kamar yadda muke yi lokacin hunturu, ƙwaya da safe, ruwan magani da dare, kuma ba ka shan ruwa sosai fitsarin ya yi kauri, sai katin ya cafke shi. Kama da wane dai ba wane ba ce, amma katin bai san haka ba. Shi ya sa a takardar da ke cikin kwalin katin kanta aka rubuta cewa sakamakon na share fage ne, sai an tabbatar da wata hanya.

Ni nawa, aikin tuƙi na nema a wani kamfani da ke ɗaukar kaya daga Katsina zuwa Kano da Jibiya. A lokacin ina shan maganin tarin fuka, na wuce wata biyun farko da ake shan haɗi huɗu, na shiga wata huɗun ƙarshe da ake shan biyu, rifamfisin da isoniyazid. Na warware, jiki ya dawo, likita ya ce ba na yaɗa komai. Duk wanda ya sha rifamfisin ya san yadda yake mai da fitsari ja-ja kamar an jiƙa lemo a ciki. Da na miƙa robar, mutumin da ke gwajin ya ɗaga ta sama ya nuna wa abokin aikinsa suna dariya, ya ce wannan ai ko ba a gwada ba. Na ce masa, ranka ya daɗe, magani nake sha, ga katin asibitina a aljihu. Ko hannu bai miƙo ba. Ya tsoma katinsa, ya ɗaga murya a gaban mutanen da ke layi, ciki har da wani yaron unguwarmu da ke gaishe ni yana durƙusawa, ya ce, "Malam, kodin kake sha, je ka gyara halinka." Ni da ko lemon kwalba ban damu da shi ba. Na tsaya riƙe da katin asibitin, bakina ya mutu. In na yi bayani da ƙarfi na tona wa kaina ciwon da na ɓoye wa unguwa, in na yi shiru na zama ɗan kodin. Kafin la'asar maganar ta riga ni isa gida. Mahaifiyarmu ba ta ce min komai ba, kuma wallahi shirun nan nata ya fi min zafi a kan duk abin da mutumin ya faɗa. Har yau in na hango shi a kasuwa sai in canza hanya. Ba ƙin ɗaukata aiki ne ya ƙona min rai ba, arziki na Allah ne. Katin nan da ya ƙi karɓa ya duba, shi ne ban yafe ba tukuna, Allah Ya sa wata rana in iya.

Wata ma'aikaciyar ɗakin gwaje-gwaje a inda nake karɓar magani ce ta zaunar da ni ta warware min. Ta ce rifamfisin sananne ne wajen ruɗa gurbin OPI a wasu katunan, haka ma ofulokzasin da lebofulokzasin, waɗannan da ake rubuta wa mutane barkatai da an ce taifod ko ciwon sanyi. Ta ce efabirenz, cikin magungunan masu cutar ƙanjamau, yakan fito a gurbin THC kamar mutum ya sha wiwi. Ka duba wannan zalunci, mutum na fama da ciwonsa a ɓoye. Ruwan maganin tari mai dekstirometofan yakan taɓa gurbin PCP, na wata ƙwayar maye. A gurbinka na AMP kuwa, bayan maganin mura akwai labetalol da ake ba masu ciki don hawan jini, da furometazin na amai da ƙaiƙayi. Ba kowane kati ba ne kuma ba kowane mutum ba, ya danganta da kamfanin da ya yi katin da yawan abin da ke cikin fitsarin.

Wani abu da za ka tambaya gobe, cikin ladabi: yaya layin ya fito? Wannan katin a juye yake da na gwajin ciki ko na zazzaɓin sauro. Layi biyu, a C da T, shi ne babu komai. Layi ɗaya a C kaɗai shi ne an samu. Kuma ko layin T ya fito dishi-dishi da kyar ake ganinsa, hukuncinsa babu komai ne, ba wai "akwai kaɗan" ba. Akwai masu gwajin da ke cewa dishi-dishi alama ce, wannan kuskure ne. Yawancin katunan a minti 5 ake karantawa, in an bar shi ya wuce minti 10 ba a dogara da shi. Ka kuma nemi ganin ranar ƙarewar aikin katin, don kayan da suka kwana a zafin Katsina cikin shago ba wuta ba abin yarda ba ne.

Abin da ke raba gardama shi ne gwaji na biyu, GC-MS ko LC-MS. Wannan na'ura ce da ke rarraba abin da ke cikin fitsarin ɗaya bayan ɗaya, ta auna kowanne, ta kira shi da sunansa. A wurinta sudo'efedirin sudo'efedirin ne, ba ya zama amfetamin. Ba kowane ɗakin gwaji ke da ita ba, aikawa ake yi, akwai kuɗi kuma akwai jira. Amma ka roƙa a yi a kan fitsarin farko in sun ajiye shi a sanyi, domin in ka kawo sabo bayan sati sai mai mugun zato ya ce ai dainawa ka yi don ka wanke kanka. In sun zubar, to ka ajiye maganin muran, cikin kwana biyu zuwa uku yakan fita daga jiki, ka sake gwaji a wani wurin da katin wani kamfani, kuma kafin ka miƙa robar ka sa a rubuta duk maganin da ka sha cikin sati biyun da suka wuce. Kada ka karɓi takardar gobe sai an rubuta a jikinta cewa gwajin share fage ne kuma ka gabatar da maganin kaza. Ni ba a ba ni wannan damar ba.

Amma maganin mura ne ake ajiyewa. Don Allah duk mai karanta wannan da ke shan na tarin fuka, ko na ƙanjamau, ko na hawan jini, ko na farfaɗiya, kada ya kuskura ya daina don gwaji. Na tarin fuka in ka yanke shi a tsakiya ciwon na iya dawowa da taurin da maganin farko ba zai ƙara yi masa ba. Takardar likita za ka kai.

Maganar abinci da ka tambaya, wanda aka tabbatar shi ne 'ya'yan fofi, ƙananan baƙaƙen ƙwayoyin nan da ake barbaɗawa a kan wasu burodi da kek na Turawa da girkin Indiya. Daga shukar da ake samun mofin suke, kuma suna ɗauke da ɗan mofin da kodin na gaske, don haka a nan ba katin ne ya ruɗe ba, har na'urar ma za ta gani. Saboda su ne a 1998 Amurka ta ɗaga ma'aunin gwajin ma'aikatanta daga nanogiram 300 zuwa 2000 a kowane mililita na fitsari, amma katuna da yawa har yanzu a 300 suke. Mu nan ba cimarmu ba ce, sai wanda ke cin burodin manyan kantuna a Abuja ko Legas. Kada wani ya ɗauka riɗi ne ko habbatus sauda, ba ruwansu. Kuma OPI suke taɓawa, ba AMP ɗinka ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro a garin nan shi ne haɗin kemis, wanda za ka ce jikina na ciwo yaro ya ƙulle maka ƙwayoyi kala-kala a leda ba suna ba kwali. A ciki ana iya sa tiramadol ko baliyam don ka ji daɗin barci ka dawo gobe. Wannan in ya fito a gwaji ya fito da gaske, na'ura ba za ta wanke ka ba, ga shi ba ka da takardar da za ka nuna. Baliyam ma yakan daɗe a jiki fiye da sati. Haka tsohon ruwan maganin tari mai kodin da ya rage a wani gida, duk da an hana shi tun 2018. In naka maganin muran irin na leda ne, ka koma wurin mai kemis ɗin da wani babba, ya fito da kwalayen da ya ciro su ku ɗauki hoto.

Shi kuma surukin naka kada ka bari labari ya riga ka zuwa wurinsa. Ka samu kawunka ko wanda ya shige maka gaba wajen neman auren, ku je tare da kwalin maganin, ka ce da bakinka a zaɓi wurin da shi ya yarda da shi a sake, kai za ka biya. In kuma ka dubo kwalin ka kasa karanta rubutun, ɗauko hoton gefen da aka jera sinadaran ka turo, akwai masu harhaɗa magani a cikinmu da za su duba maka kafin safiya.