Likita, Me Ya Sa Amsarka Ke Jinkiri?

Likita, yau kwana biyar da na turo tambaya kan ciwon gwiwata, shiru. Ko na yi laifi ne? — Wani dattijo daga Funtuwa

Baba, ka gafarce ni, ba ka yi laifin komai ba. Ni ƙaramin likita ne. Na yi shekara 6 ina karatu, na yi shekara guda ta horo inda muke zagaya sassa huɗu, wata uku-uku, yanzu kuma ina sashen mata da haihuwa. Ranar da kwanan asibiti ya faɗo kaina, ina karɓar aiki da ƙarfe 4 na yamma har 8 na safe, kuma gari na wayewa sai zagayen marasa lafiya. Naƙuda ba ta duba agogo. Daren da saƙonka ya shigo, na buɗe shi ke nan aka kira ni kan wata mai zubar jini bayan haihuwa, ban fito daga tiyata ba sai da aka kira assalatu. Da na amsa maka da idon barci na yi kuskure, gara na huta na karanta da natsuwa. Saƙonka yana nan. Ka ƙara mini da shekarunka, ko gwiwar ta kumbura, da magungunan da kake sha, musamman idan kana da gyambon ciki, domin wasu magungunan ciwon gaɓoɓi suna tayar da shi.

Cikina wata bakwai, kaina na sarawa tun jiya, ina ganin dishi-dishi. In jira amsarka? — Wata baiwar Allah daga Gusau

'Yar'uwa, kada ki jira ni, ko da na awa ɗaya. Wannan tambayar ce ta fi tayar mini da hankali. Ciwon kai mai tsanani da dishi-dishi bayan ciki ya wuce mako 20, balle in fuska da hannu sun kumbura, alamu ne na hawan jinin ciki, wanda kan kai ga jijjiga. Ki tafi asibiti yanzu a auna jininki, a duba fitsari. Idan awon ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, akwai magana. Farasitamol zai iya lafar da ciwon kan, amma ba ya taɓa hawan jinin.

Jaririna ɗan wata biyu jikinsa ya yi zafi. Zan iya ba shi maganin maleriya? — Wata uwa daga Azare

Maman jariri, a'a. Jaririn da bai kai wata uku ba, in zafinsa ya kai 38, asibiti za a kai shi a ranar. Ta waya ba zan ga numfashinsa ba, ba zan taɓa maɗigarsa ba. Ki ci gaba da ba shi nono a hanya. Idan kun dawo ki sanar da ni abin da aka gano, zan karanta da zarar na fito daga ɗakin haihuwa.