Firintar da ke ɓacewa duk lokacin da aka ɗauke wuta

Maigida, ofishin ƙungiyar manoman nan ta wajen Ringim sun sake kirana. Sau uku ke nan ina cire firintarsu daga kwamfutoci ina sake sa ta. Sai ta yi kwana biyu lafiya, sannan ta koma rubuta Offline alhali tana kunne. Me nake yi ba daidai ba?

Sani, ka daina cirewa da sakewa. Direban firintar lafiyarsa ƙalau, kuma duk zuwan da kake yi kan babur kana ƙona mai ne a kan aikin da zai sake warwarewa. Adireshin firintar ne yake canzawa, kwamfutocin kuma suna ta aika aiki tsohon wuri.

Ka tuna yadda ake yi a kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Mai rumfa kowa ya san inda zai same shi, amma mai kasa kaya a ƙasa, inda ya samu fili ranar nan yake zama. To rawutar ofishin ita ce ke raba wuraren zama. Duk na'urar da ta shigo, waya ce ko kwamfuta ko firinta, sai rawuta ta ara mata adireshin IP na wani ɗan lokaci, kuma wannan rabon shi ne za ka ga an rubuta DHCP. A inda wuta ke tsayawa na'ura takan daɗe da lamba ɗaya, domin tana sabunta aron kafin ya ƙare. Mu kuwa a rana ɗaya sai a ɗauke wuta, a tayar da janareto, a kashe shi lokacin sallar azahar, a sake tayarwa. Ƙananan rawutoci da yawa suna manta wa suka ba me da zarar sun mutu. Da sun farfaɗo, wayoyin da ke aljihun mutane su ne ke rigan kowa shiga, firinta tana can tana ɗumama kanta, kafin ta zo wayar sakatare ta karɓe lambarta.

Kada ka yarda da maganata haka nan, ka tabbatar da idonka. Ka sa firintar ta buga takardar bayanin sadarwarta, yawanci tana cikin Reports ko Network a ɗan allonta. Ka duba IP da ke jiki. Sai ka je kwamfuta ka buɗe Printer properties, ka shiga Ports, ka ga lambar da take nema. In takarda ta ce 192.168.0.107, kwamfuta kuma tana riƙe da 192.168.0.103, ka kama ɓarawon. In kuma lambar takardar ta fara da 169.254, firintar ta riga rawuta tashi ne, ta nemi adireshi ba ta samu mai ba ta ba, ta laƙaba wa kanta wanda ba kowa zai same ta da shi.

Kafin ka taɓa komai a firintar, ka san gidan da kake ciki. A kwamfutar da intanet ke aiki ka buɗe Command Prompt ka buga:

```
ipconfig
```

Abu biyu kake so daga nan, Subnet Mask da Default Gateway. A ce ka ga 255.255.255.0 da 192.168.0.1. Wannan na biyun ita ce rawutar kanta. Rubuta lambar a burauza, ka shiga da kalmar sirrinta, ka nemo shafin DHCP. A nan za ka ga daga ina zuwa ina take rabawa, a ce daga 192.168.0.100 zuwa 192.168.0.199.

Nan ne nake so ka natsu, domin nan na taɓa faɗuwa. Shekarun baya a wata makaranta na ga firinta tana kan lamba mai ƙarewa da 105, na ce to bari in kafe ta a nan kawai, ba sai na taɓa kwamfutoci ba. Mako guda komai lafiya. Ranar da malamai suka cika ofis don buga jarrabawa, rawuta ta ɗauki wannan 105 ɗin ta ba wayar wani, tunda ba ta san na ba firinta ba. Na'ura biyu a lamba ɗaya. Takarda ta fito rabi ta tsaya, can ta dawo, can ta ɓace, har aka fara cewa firintar ce ta tsufa a sayi sabuwa. Na ji kunya ƙwarai ranar. Saboda haka lambar da za ka zaɓa ta kasance a wajen abin da rawuta ke rabawa. A misalinmu 192.168.0.50 ta yi. In ka tarar rawutar tana raba kusan duka, daga 2 har 254, sai ka matsar da farkon rabon zuwa 100 don ka sami fili.

Ka gwada ko babu kowa a wurin:

```
ping 192.168.0.50
arp -a
```

In ba amsa, ko ya rubuta Destination host unreachable, kuma lambar ba ta fito a jerin na biyu ba, wurin fili ne. Amma ka tambaya ko akwai na'urar da ke kashe a lokacin, kamar akwatin kyamarar tsaro, don abin da ke kashe ba ya amsawa.

Yanzu a allon firintar ka shiga saitin IPv4, ka mayar da shi daga DHCP ko Auto zuwa Manual ko Static. Ka sa lambobin nan uku, 192.168.0.50, da 255.255.255.0, da 192.168.0.1. In ba ta da allo, rubuta lambarta ta yanzu a burauza, shafinta zai buɗe, ka canza daga nan. Da ka adana shafin zai yanke, kada gabanka ya faɗi, ta koma sabon wuri ne.

Za ka ji wasu na cewa a bar firinta a DHCP, a sa rawuta ta ajiye mata lamba ta hanyar adireshinta na MAC, abin da ake rubutawa Address Reservation. Hanya ce mai kyau a babban ofis mai inbata da mai kula da shi. A ƙauye ni na fi son kafewa a jikin firintar, don ba ta jiran rawuta ta tashi, kuma in intanet ya yi nauyi wani ya soka tsinke a ramin Reset, duk ajiyar da ka yi a rawuta ta tafi.

Saura kwamfutocin, kuma nan ne yara da yawa ke tattara kaya su tafi ba su gama ba. Kowace ɗaya sai ka koma Ports, ka danna Add Port, ka zaɓi Standard TCP/IP Port, ka rubuta 192.168.0.50. In ka tarar da wadda aka ɗora a kan WSD, ita ma ka mayar da ita nan. Ka share takardun da suka maƙale a layi tukuna, in ba haka ba duk aikin mako zai kwararo ya cinye musu rim guda. In ping yana amsawa amma Windows ta nace da Offline, shiga Configure Port ka cire alamar SNMP Status Enabled.

Kada ka karɓi kuɗi sai ka yi gwajin da ya dace da ciwon. Ka ce a kashe janareto, komai ya mutu, a sake tayarwa, mutane na nan da wayoyinsu. Sannan ka buga Test Page daga kowace kwamfuta. Ka rubuta lambar a takarda ka manna a gefen firintar da salatif, ka kuma gaya wa sakatare cewa ranar da suka sauya rawuta su kira ka kafin su ce ta lalace, domin in sabuwar tana kan 192.168.8.1, sai an mayar da firintar 192.168.8.50 an kuma bi kwamfutocin ɗaya bayan ɗaya.